Waya Ta Ce Kaya Sun Iso, Hannu Bai Karɓa Ba

Saƙon ɗan gajere ne, kuma yakan shigo waya ba tare da kowa ya yi sallama a ƙofar gida ba: "Delivered". Mai saye ya leƙa zaure, ya tambayi yara, ya tambayi maigadi, babu kwali babu leda. Kuɗi sun fita daga asusu tun makonni da suka wuce, kamfani kuma ya rubuta a littafinsa cewa ya sauke nauyi. Tun da Jumia da Konga suka buɗe a Legas a shekarar 2012, aka zo ga AliExpress, sannan Temu ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024, wannan kuka ya zama sananne a bakin masu sayayya ta intanet daga Kano har Maiduguri.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan saƙo shaidar ɓangare ɗaya ce kawai. Mai kai kaya ne ya ce ya kai, mai karɓa bai ce komai ba tukuna. Amma daga lokacin da aka rubuta shi, wa'adin ƙorafi ya fara tafiya, kuma wanda ya zauna yana jira da haƙuri yakan wayi gari ƙofar neman haƙƙinsa ta rufe.

Yadda saƙon yake zuwa allo

A jikin kowane kwali akwai takarda mai zanen baƙaƙen layuka da lamba a ƙarƙashinsu. Ita ce lambar bin sawu. Duk inda kayan suka tsaya, a sito, a filin jirgi, a hannun kwastan, a ofishin rarrabawa, sai a haska wannan zane da na'ura, na'urar kuma ta aika wuri da lokaci zuwa kwamfutar kamfani. Jerin waɗannan tsaye-tsaye ne mai saye yake gani a manhajarsa. Ba wata na'ura ce a cikin kwalin da take nuna inda yake a kowane lokaci ba. Tsakanin haskawa ɗaya da ta gaba, kamfanin kansa zato yake yi.

Haskawa ta ƙarshe ta bambanta da sauran, domin ba a cikin sito ake yin ta ba, inda akwai shugaba da kyamara. Ɗan aike ne yake yin ta da wayarsa, shi kaɗai, a kan babur ko a cikin Adaidaita Sahu. Ya danna cewa ya kai, kwamfuta ta karɓa, saƙo ya tafi wayar mai saye. Yana iya dannawa a ƙofar gidan da ya dace, yana iya dannawa a ƙofar maƙwabci, yana iya dannawa yana zaune a gindin bishiya da kayan a jakarsa. Kamfanoni sun san da wannan rauni, shi ya sa suke neman hujja tare da dannawar: sa hannun mai karɓa, sunansa, hoton kayan a wurin da aka miƙa su, wani lokaci har da wurin da wayar ɗan aike take a taswira a wannan minti. Mafi ƙarfi a cikin hujjojin ita ce lambar sirri da ake turo wa mai saye, wadda sai ya karanta wa ɗan aike sannan manhaja ta yarda a rufe aikin.

Ina kayan suke, to?

Mafi sauƙin dalili shi ne gaggawa. Ana ba ɗan aike kaya masu yawa da safe, ana auna aikinsa da yawan waɗanda ya rufe kafin dare, a wurare da dama ma a kan kowane kwali ake biyansa. Idan magariba ta kama shi da saura, jarabar danna "an kai" da niyyar kawowa gobe tana da ƙarfi. Irin wannan kaya sukan iso bayan kwana ɗaya ko biyu. Ba daidai ba ne, kuma bai kamata kamfanoni su kau da kai daga gare shi ba, domin yana cinye wa mai saye kwanakin wa'adinsa, amma ba sata ba ce.

Dalili na biyu ya fi yawa a garuruwanmu, kuma tushensa yadda muke zaune. Baƙo namiji ba ya shiga gidan matan aure. Ɗan aike zai tsaya a waje ya kira waya, idan ba a ɗaga ba ya yi sallama, sai yaro ya fito ya ce matar gidan tana salla ko ta tafi unguwa. Yaron ya karɓa, ya yi wani ɗan zane a madadin sa hannu, ya ajiye kwalin a bayan ƙyaure ko ya kai ɗakin kishiya, ya koma wasansa ya manta. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, ko a rukunin gidaje mai maigadi, hannun da zai iya karɓa ya fi goma. A kasuwa kuwa, yaron shagon kusa ne yake cewa "kawo in ajiye masa".

Sai matsalar adireshi. Unguwanni da yawa ba su da sunan layi a rubuce, lambobin gidaje ba sa bin tsari, wasu gidajen ma lamba biyu ce a bangonsu, ta 'yan ƙidaya da ta 'yan wuta. Da kwatance muke rayuwa: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, gida mai jan ƙyaure kusa da mai shayi. Fom ɗin intanet kuwa lambar gida da sunan titi yake tambaya. Ga kuma batun suna. Matar da ta rubuta cikakken sunanta na makaranta a oda, duk layin da Maman wane ko Amarya suka san ta. Ɗan aike ya ambaci sunan takarda, a nuna masa wani gida mai irin wannan suna, a karɓa da zuciya ɗaya ana zaton tsaraba ce daga wani ɗan uwa.

Akwai kuma wanda aka kai da gaske, amma ba gidan mai saye ba, kuma a nan ne 'yan kasuwa masu odar Sin suke yawan ruɗewa. Wanda ya sayi kaya a 1688 ko Alibaba ta hannun ejan, adireshin da aka ba mai sayarwa na siton ejan ne a Guangzhou ko Yiwu. Idan lambar bin sawu ta nuna an karɓa, ma'anarta kayan sun shiga wannan sito, tafiyar jirgin sama ko ta ruwa zuwa Najeriya ba ta ma fara ba, kuma lambar farko ba za ta sake nuna komai ba. Idan mai sayarwa bai rubuta alamar mai kaya a jikin kwalin ba, wato suna ko lambar da ejan ya ba shi, kwalin zai zauna cikin tulin kayan da ba a san masu su ba. Haka yake da kayan da aka sauke a wurin karɓa na kamfani, ko a gidan waya, ko aka miƙa wa wani ƙaramin kamfanin da zai ƙarasa da su: kamfanin farko ya rufe nasa littafin, kayan kuma suna jiran mai su a kan kanta. Wuraren karɓa kwanaki kaɗan suke riƙe kaya kafin su mayar da su.

Na ƙarshe shi ne ha'inci, kuma iri biyu ne. Wani ɗan aiken yakan rufe aikin ya riƙe kayan, musamman idan kwalin ya nuna waya ce ko wani abu mai tsada. Wani mai sayarwar kuma, wanda tun farko ba shi da kayan, yakan aika ambulan marar komai ko wani tarkace zuwa wani adireshi dabam a gari ɗaya da mai saye, don kawai ya sami lamba mai nuna an kai. Shafin bin sawu galibi sunan gari kaɗai yake nunawa, ba ya nuna gida, saboda haka a ido komai ya yi daidai.

Karanta sawun kafin a ɗaga murya

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai yana barin alama, kuma wanda ya karanta sawun da kyau ya yi rabin aikin. Manhajar kasuwa taƙaitawa take yi. Cikakken bayani yana shafin kamfanin da ya ɗauko kayan, ko a shafi irin 17TRACK mai tattaro bayanan kamfanoni da yawa. A kwafi lambar a saka a can.

Siffar lambar ma tana faɗin wani abu. Kayan da suka biyo ta gidan waya daga ƙasar waje suna da lamba mai gurbi 13: haruffa 2, alƙaluma 9, sai haruffa 2 na ƙasar da aka aiko daga cikinta, CN ga Sin, GB ga Birtaniya. Idan ta fara da E, saƙon gaggawa ne na EMS, idan da R, mai rajista ne wanda ake sa hannu kafin a karɓa. Mai irin wannan lamba ofishin NIPOST na yankinsa zai nufa da katin shaida, domin sau da yawa kayan suna can, takardar sanarwa ce ba ta iso shi ba.

Abubuwa uku ake dubawa a layin ƙarshe. Na farko gari: idan an rubuta Guangzhou ko Legas alhali mai saye yana Katsina, kayan suna hannun wani tsani ne, sai a nemi lambar zango na biyu. Na biyu lokaci: kayan da aka ce an kai da sha ɗayan dare, ko waɗanda ba su taɓa nuna "Out for delivery" ba kafin su nuna an kai, sun fi kama da aikin da aka rufe daga nesa. Na uku nauyi, idan shafin ya nuna shi. Wanda ya sayi injin markaɗe ya ga an rubuta giram 100, ya san ba injinsa aka aika ba, kuma wannan lamba ita ce babbar hujjarsa a gaban kowa.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wata mata ce a Ɗorayi cikin Kano ta sayi injin markaɗe na naira 45,000 a wata babbar manhajar sayayya, ta biya da katin banki. Ranar Alhamis da ƙarfe 4:52 na yamma saƙo ya shigo cewa an kai. Tana gida, babu wanda ya kira ta.

Abu na farko da ta yi shi ne ɗaukar hoton allon wayarta: shafin oda mai nuna kaya da farashi da adireshin da ta rubuta, shafin bin sawu mai nuna lokacin, da jerin kiran da suka shigo mata a ranar, inda babu wata baƙuwar lamba kusa da ƙarfe biyar. Ta duba adireshin da lambar wayar da ke kan odar harafi-harafi, domin idan kuskuren nata ne, misali tsohon gidan da ta tashi ne manhaja ta cika da kanta, maganar ta sauya, sai dai ta aika can a tambaya. Adireshin daidai yake. Ta aiki yara gidajen da ke dama da hagu da na gaba, da kantin magani na bakin layi inda masu kawo saƙo suka saba tsayawa. Babu labari.

A daren nan ta rubuta wa kasuwar ta cikin manhaja, a wurin taimako na wannan oda. Ba ta kira waya ba, domin magana ta baki ba ta barin shaida. Saƙon bai wuce layi huɗu ba: lambar oda, lambar bin sawu, cewa an nuna an kai ranar kaza da ƙarfe kaza amma ba ta karɓa ba kuma babu wanda ta wakilta, sai buƙatarta, a nuna mata hujjar kaiwa, wato sunan wanda ya karɓa, sa hannunsa, hoto da wurin da aka rufe aikin. Akwai maɓalli a shafin mai cewa "Confirm received". Ba ta taɓa shi ba, domin a kasuwanni da yawa danna shi ne yake sakar wa mai sayarwa kuɗi, kuma shaida ce daga hannunta cewa ta karɓa.

Ta bar Juma'a ta wuce ko ɗan aike zai ɓullo. Bai zo ba. Ranar Asabar ta je ofishin kamfanin kai kayan da lambar a rubuce. Ma'aikacin ya buɗe kwamfuta ya juyo mata da allo: hoton kwali a hannun wani yaro a gaban ƙyaure shuɗi, sa hannu kuma layi ɗaya ne a karkace. Ƙyauren gidanta baƙi ne. Ta roƙi a ba ta kwafin hoton, ta karɓi lambar ƙorafi, ta rubuta sunan wanda ya saurare ta da ranar. Da ta koma gida ta ɗauki hoton ƙofarta tare da lambar gidan.

A wannan gaɓa, sau da yawa ana kiran ɗan aiken ya koma inda ya bar kayan ya karɓo, magana ta ƙare da ban haƙuri. A ce a wannan karon ya ce bai tuna gidan ba. Ma'aikacin zai gaya mata gaskiyar da take ba mutane haushi: kamfaninsu ba zai biya ta ba. Wanda ya ba su aikin kuma ya biya su shi ne mai aikawa, shi ne zai nemi diyya a wurinsu. Ita cinikinta da mai sayarwa ne da kasuwar da ta karɓi kuɗinta, can za ta nemi haƙƙinta. Wanda bai gane wannan ba yakan ɓata makonni yana sintiri a ofishin da ba shi da ikon mayar masa da ko kwabo.

Ranar Litinin ta buɗe ƙorafi na hukuma a kan odar, ta zaɓi dalilin rashin karɓar kaya, ta nemi a mayar da kuɗi gaba ɗaya, ta ɗora hotuna biyu gefe da gefe, ƙyaure shuɗi da ƙyaure baƙi, da lambar ƙorafin kamfanin kai kaya. Washegari mai sayarwa ya rubuto da lafazi mai daɗi: ta yi haƙuri ta rufe ƙorafin, zai sake aiko mata da wani injin, ko ya turo mata kuɗin ta wata hanya. Nan ne tarkon yake. A kasuwanni da yawa ƙorafin da aka janye ba ya sake buɗuwa, ko kuma wa'adi ya ƙare ana jiran alkawari. Ta amsa cewa ƙorafin zai zauna a buɗe har kuɗi ko kaya su shigo hannunta. Da suka kasa daidaitawa, kasuwar ta shiga tsakani, ta dubi hotunan, ta yanke a mayar da kuɗin. Kuɗin da aka biya da kati ta katin suke dawowa, kuma sukan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin su bayyana a asusu.

Bai kamata a ce ta yi nasara don ta iya faɗa ba. Ta yi nasara ne don kamfani ya zo da hujja ɗaya, ita kuma ta zo da wadda ta rushe ta, cikin lokaci. Wa'adin nan gajere ne. A AliExpress kwana 15 ne bayan an rufe oda, a Jumia kwana 7 ne na mayar da yawancin kaya daga ranar da aka rubuta an kai, kuma kowace kasuwa tana rubuta nata a shafin oda ko a ƙa'idojinta.

Idan kasuwa ta juya baya

Wani lokaci kasuwa takan tsaya a kan cewa sawu ya nuna an kai, shi ke nan. Wanda ya biya da kati yana da ƙofa ta biyu, wato bankinsa. Kamfanonin kati irin Visa da Mastercard suna da tsarin da banki zai janyo kuɗi daga wurin ɗan kasuwa idan ba a kawo abin da aka biya ba, kuma galibi suna ba da kwana 120. Mai saye zai je banki ya cika fom ɗin jayayya, ya haɗa rasit, bayanin asusu mai nuna fitar kuɗin, da duk wasiƙun da suka nuna ya nemi sulhu da mai sayarwa bai samu ba. Ɗan kasuwa zai mayar da martani da shafin bin sawu, saboda haka hoton ƙyauren da ba naka ba, ko nauyin da bai yi daidai ba, ko takarda daga kamfanin kai kaya mai cewa an kai wani wuri dabam, su ne za su rinjayi hukunci. Idan bankin ne ya yi biris da ƙorafin har mako biyu, ana iya kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, tare da lambar ƙorafin da bankin ya bayar.

Ga kamfanin da yake aiki a cikin Najeriya, akwai hukumar FCCPC, wadda dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018 ta kafa. Tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, kuma tana so ta ga an fara tuntuɓar kamfanin. Jihar Kano tana da tata hukumar kare masu sayayya. Kamfanonin kai saƙo masu zaman kansu daga NIPOST suke karɓar lasisi, don haka ana iya kai kukansu can. Kayan da suka biyo ta gidan waya daga waje kuwa, ƙa'idar ƙungiyar gidajen waya ta duniya ta ba da wata 6 daga ranar aikawa don neman a bincika, kuma ya fi sauri idan mai aikawa ne ya buɗe binciken a ƙasarsa. Idan kuɗin suna da yawa kuma an san mai sayarwa da inda yake, akwai kotunan ƙananan da'awa, da aka fara a Legas a 2018 da Kano a 2019, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba.

Duk waɗannan ƙofofi suna da iyaka, kuma iyakar tana nan daidai inda mutanenmu suka fi yin ciniki. Atamfa da leshi da turaren wuta da ake gani a Instagram ko a WhatsApp, a yi tiransifa kai tsaye zuwa asusun mai sayarwa, ba su da kasuwar da take riƙe kuɗi a tsakiya, kuma tiransifa ba ta da tsarin janyowa irin na kati. Banki ba ya ciro kuɗi daga asusun wani don kawai an ce bai kawo kaya ba, galibi sai da umarnin kotu. Idan an tabbata damfara ce, a sanar da banki nan take a rubuce, a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC da lambar asusun da hotunan hirar, da sanin cewa mai damfara ba ya barin kuɗi su kwana a asusu.

Kayan da aka ba direba a tasha su ma ba su da lambar bin sawu. Abin da yake madadinta shi ne lambar motar, lambar wayar direba, hoton buhun da suna a jikinsa, da rasit idan ofishin tasha ya bayar. Direban da ya ce "na sauke" sau da yawa yana nufin ya bar wa 'yan kamasho a tashar da ya isa, domin ba zai tsaya jira ba. Ofishin ƙungiyar direbobi na wannan tasha ne wurin tambaya, kuma shugabannin tasha sukan iya kiran direbansu su tsare shi da magana fiye da yadda fasinja zai iya.

Akwai wani haɗari da yake biyo bayan ɓatan kaya. Mutumin da yake neman kwalinsa ido rufe shi ne ya fi saurin faɗawa hannun masu turo saƙon ƙarya, wai an kasa kai kayansa, ya danna wani mahaɗi ya biya 'yan kuɗi kaɗan a sake kawowa. Ba 'yan kuɗin suke so ba, lambobin katinsa suke nema. Haka kuma lambobin waya na "kula da abokan ciniki" da ake tsinta a ƙarƙashin rubuce-rubucen Facebook. Ta cikin manhaja ko a ofishin da ake iya shiga da ƙafa kaɗai ake magana da kamfani.

Sai lambar sirrin nan ta karɓar kaya. Ɗan aike yakan kira ya ce yana hanya, cunkoso ya riƙe shi, a taimaka a karanto masa lambar ya rage aiki. Wanda ya karanta ya sa hannu ke nan a kan kayan da bai gani ba, kuma ƙorafinsa zai yi wuyar tsayawa, domin kamfani zai nuna cewa lambar da aka tura wayarsa ce aka shigar. Lambar ana faɗin ta ne bayan kwali ya shigo hannu, an duba suna, an ga ba a farke shi ba.

Mai karatu da yake jiran kaya a yanzu, ya buɗe odarsa ya gyara kwatance, ya ƙara sunan da aka san shi da shi a layi da lambar waya ta biyu, ya gaya wa mutanen gida ranar da ake sa ran zuwansu da wanda zai karɓa. Idan kaya masu tsada ne, ya zaɓi wurin karɓa inda sai da shaida ake bayarwa, ko biya bayan an kawo idan akwai. Wanda kuma wayarsa ta riga ta ce an kai alhali bai gani ba, ya rubuta wa kasuwar yau ɗin nan, ya nemi hujjar kaiwa, kada jiransa ya wuce kwana biyu kafin ya buɗe ƙorafi.